Yadda ake tsara gwajin sikarin jini ga yaro mai ciwon sikari nau'i na ɗaya a ranar makaranta

Yaron da ke da ciwon sikari nau'i na ɗaya jikinsa ba ya samar da insulin, don haka duk insulin ɗin da ke aiki a jininsa daga waje aka ba shi, kuma da zarar an yi allurar babu hanyar janye ta. A gida iyaye suna ganin abin da ya ci da yadda ya yi wasa, amma a makaranta yakan shafe awa shida ko bakwai a hannun mutanen da ba su san ƙarfe nawa aka yi masa allura ba. Saboda haka tsarin gwaji na ranar makaranta ana gina shi ne a kan abubuwa uku: lokacin da insulin ke kai ƙarshen ƙarfinsa, lokacin da yaron zai ci abinci, da lokacin da zai motsa jiki. Kuma kowace lamba da na'ura za ta nuna ya kamata a ce tun kafin ta fito an rubuta abin da za a yi a kanta, domin malamin da ya ga lamba bai san matakin da ke biye da ita ba, gwajin bai amfana wa yaron komai ba.

Mataki na farko: a san ma'aunin na'urar da lambobin da ake nema

Na'urorin gwajin sikari iri biyu ne wajen ma'auni. Wasu suna nuna sakamako da mg/dL, wasu kuma da mmol/L, kuma ana samun na farko ne idan aka ninka na biyu sau 18. Wato 5.5 mmol/L daidai yake da kusan 100 mg/dL. Wannan shi ne abin da za a fara tabbatarwa, a kuma rubuta shi a saman takardar da za a bai wa makaranta, domin 10 a na'urar mmol/L sikari ne da ya kai bakin iyakar sama, alhali 10 a na'urar mg/dL yana nufin yaro yana cikin haɗari mai tsanani. A nan za a yi amfani da mg/dL, ana ambaton ɗayan a inda ya zama dole.

Iyakar da ƙungiyar likitocin ciwon sikarin yara ta duniya, ISPAD, ta shimfiɗa ita ce sikarin yaro ya kasance tsakanin 70 da 180 mg/dL a yawancin yini, wato 3.9 zuwa 10 mmol/L. A cikin wannan iyakar akwai wadda ta fi ƙunci ta lokacin da ciki babu abinci: da asuba kafin karin kumallo ana son ya kasance tsakanin 70 da 144. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Birtaniya, ta ɗan fi matsewa, tana son 4 zuwa 7 mmol/L kafin cin abinci, da 5 zuwa 9 bayan cin abinci. Ƙasa da 70 sikari ya sauka kuma sai an ɗauki mataki nan take, ƙasa da 54 kuma saukar ta yi muni ko da yaron yana tsaye yana magana. A ɗaya ɓangaren, abin da ya haura 250 yana buƙatar a duba sinadarin kiton, kamar yadda za a bayyana a gaba.

Waɗannan su ne lambobin da aka saba, amma likitan yaron shi ke da ta cewa a kan nasa. Yaro ƙarami da bai iya faɗin abin da yake ji ba, ko wanda sikarinsa ke sauka ba tare da ya ji alama ba, likita yakan ɗaga masa iyakar ƙasa kaɗan don a samu sararin kai masa ɗauki. Akwai kuma wani abu da ya kamata iyaye su riƙe tun farko: babu yaron da ke zama cikin iyaka yini guda cur kullum. Ga masu amfani da na'urar da ake liƙawa a fata tana auna sikari dare da rana, abin da ake nema shi ne sama da kashi 70 cikin ɗari na lokaci a tsakanin 70 da 180, kuma ƙasa da kashi 4 cikin ɗari a ƙarƙashin 70. Lamba ɗaya da ta fita iyaka ba laifin yaron ba ce, kuma tsawata masa a kanta yana koya masa ɓoye sakamako ne, wanda shi ne abu mafi haɗari da ɗan makaranta zai koya.

Mataki na biyu: a jera lokutan gwaji a kan jadawalin makaranta

A ɗauko jadawalin darussa na mako, a ajiye shi kusa da lokutan allura. Insulin mai saurin aiki, wanda ake yi kafin abinci, yana fara aiki cikin minti 10 zuwa 15, yana kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin awa ɗaya da biyu, sannan ya ƙare a cikin awa uku zuwa biyar. Insulin mai gajeren aiki da ake kira regular, wanda ake yi minti 30 kafin abinci, ƙarfinsa yana kaiwa ƙololuwa tsakanin awa biyu da huɗu. Shi kuma NPH, insulin mai matsakaicin tsawon aiki mai launin madara, ƙarfinsa yana tasowa ne daga kusan awa huɗu bayan allura, ya ci gaba har sa'o'i da dama. Ma'anar wannan ita ce, yaron da aka yi wa gaurayayyen insulin, wato haɗin regular da NPH, da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da ya fi fuskantar saukar sikari shi ne daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da yake zaune a aji. Irin wannan yaron ba a wasa da abincinsa na rabin safiya, kuma ba a ɗaga masa abincin rana saboda darasi ya yi tsawo.

Ga yaron da ke gwaji ta hanyar huda yatsa, ISPAD ta ba da shawarar sau 6 zuwa 10 a yini, NICE kuma ta ce kada ya gaza sau 5. A ranar makaranta ana raba su kamar haka. Na farko a gida da tashi daga barci, kafin allura da karin kumallo, kuma wannan lambar ita ce ke nuna yadda insulin na dare ya yi aiki. Na biyu a makaranta lokacin hutun rabin safiya, kafin ya ci abin da aka ƙunso masa, wanda yawanci yakan faɗo awa biyu zuwa uku bayan karin kumallo. Na uku kafin abincin rana, kuma idan yana yin allura a makaranta wannan gwajin ba ya ɗaguwa ko kaɗan, domin a kansa ake lissafin adadin insulin. Na huɗu kafin a tashi, musamman idan zai yi tafiya a ƙasa ko zai daɗe a mota babu babba mai lura da shi. Sauran biyun a gida ne, kafin abincin dare da kafin kwanciya.

Bayan waɗannan akwai gwaje-gwajen da ba su da ƙayyadadden lokaci. Ana gwadawa kafin darasin motsa jiki da bayansa, da kafin jarrabawa, domin sikarin da ya sauka ko ya hau sosai yana dagula tunani da karatu, sannan a duk lokacin da yaron ya ce ba ya jin daidai ko malami ya ga ya sauya. A wannan hali na ƙarshe ba a cewa ya bari a gama darasi.

Idan tsinken gwajin, wato siririn abin da ake sakawa a na'ura ya tsotsi ɗigon jini, ya yi ƙaranci har ba a iya yin shida a kullum, ra'ayina shi ne kada a taɓa na asuba, da na kafin kowace allura, da na kafin barci, kuma a bar tsinke biyu ko uku a jakar makaranta waɗanda ba a taɓa su sai yaro ya nuna alama. Na bayan abinci ana iya juya shi, yau bayan karin kumallo, gobe bayan abincin rana, ta yadda a ƙarshen mako za a ga hoton yinin gaba ɗaya.

Mataki na uku: a yi gwajin yadda lambar za ta zama abin dogaro

Yaron ya wanke hannu da ruwa da sabulu, ya tsane shi sosai. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa a makaranta, kuma shi ya fi jawo lambar ƙarya. Yaron da ya ɓare ɗan itace mai zaƙi ko ya riƙe alewa, sikarin da ya rage a yatsarsa zai gauraya da ɗigon jinin, na'ura ta nuna 280 alhali jininsa bai kai rabin haka ba, kuma idan aka yi masa ƙarin insulin a kan wannan lambar, bayan awa ɗaya sikarinsa zai faɗi warwas. Yatsa mai jiƙe da ruwa kuma tana tsinka jinin, lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Idan babu ruwa a kusa, a goge ɗigon farko da auduga mai tsabta a yi amfani da na biyu.

A saka tsinken a na'ura, a rufe kwalbar nan take, domin danshi da zafi suna lalata sauran. A huda gefen kan yatsa, inda zafin ya fi sauƙi fiye da tsakiyarta, a kuma riƙa sauya yatsu. Idan jini bai fito ba, a saukar da hannun ƙasa a shafo yatsar daga tushe a hankali, kada a matse bakinta da ƙarfi. A taɓa ɗigon da bakin tsinken har ya tsotsi abin da ya ishe shi, a jira sakamako, a rubuta lambar a littafi tare da lokaci da abin da yaron yake yi kafin nan. Idan na'ura ta nuna `LO`, sikarin ya sauka ƙasa da abin da take iya aunawa, a fara ba da sikari kafin komai. Idan ta nuna `HI`, a wanke hannu a maimaita, in ta sake nuna haka a kira iyaye a duba kiton.

Ya kamata a sani cewa ko na'ura mai kyau tana da ɗan kuskure da aka yarda da shi, kusan 15 mg/dL sama ko ƙasa idan sikarin bai kai 100 ba. Don haka yaron da ke rawar jiki da gumi kuma na'ura ta nuna 76, a ɗauke shi a matsayin wanda sikarinsa ya sauka. Haka nan na'urar da ake liƙawa a fata tana auna ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, wanda ke bin bayan jini da minti 5 zuwa 15. Amfaninta babba shi ne kibiyar da ke nuna inda sikari ya dosa, domin 110 da kibiya a kwance dabam take da 110 da kibiya tana kallon ƙasa. Amma duk lokacin da lambarta ta saɓa wa yanayin yaron, sai a koma ga huda yatsa, shi ya sa ko mai wannan na'urar ba ya zuwa makaranta babu ta yatsa a jakarsa.

Mataki na huɗu: abin da ake yi da lambar

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara tara mai nauyin kilo 30, wadda ke yin insulin mai saurin aiki kafin kowane abinci da mai dogon aiki da dare. Ranar Talata ta tashi da 112, an yi mata allura da ƙarfe 6:45, ta karya da 7:00. Da ƙarfe 9:45, lokacin hutu, na'ura ta nuna 88, kuma darasin motsa jiki zai fara da 10:00.

A ranar da za ta koma aji ta zauna, 88 lamba ce mai kyau. Amma ga wadda za ta shiga guje-guje, ta yi ƙasa. Awa uku kenan da allurarta, saura ɗan insulin yana aiki, kuma tsoka mai aiki tana zuƙar sikari daga jini fiye da mai hutawa. Abin da aka fi so shi ne a fara motsa jiki da sikari tsakanin 126 da 180. Idan yana ƙasa da 90, yaro ya ci giram 10 zuwa 20 na abinci mai sikari ko sitaci, a jira, a sake gwadawa, kada ya fara sai lambar ta haura 90. Saboda haka yarinyar za ta ci abin da aka ƙunso mata, a maimaita gwajin bayan minti 15, sannan ta shiga fili, abin zaƙinta kuma yana hannun malamin wasa a bakin filin, ba a cikin aji a kulle ba.

A ce an yi hakan, amma wasan ya yi zafi, da ƙarfe 11:15 a aji malama ta lura yarinyar ta yi shiru, fuskarta ta koɗe, rubutunta ya karkace, an yi mata tambaya ta amsa da fushi. Waɗannan su ne alamomin da ake gani daga waje, tare da gumi, da rawar hannu, da hamma, da kuka ba dalili. An gwada, 62. A nan malama ba za ta tura ta ofis ko ɗakin magani ita kaɗai ba, domin tafiyar za ta ƙara sauke sikarin kuma tana iya faɗuwa a hanya. Za ta zauna a inda take a ba ta sikari mai saurin shiga jini. Lissafin shi ne giram 0.3 a kan kowane kilo na nauyin yaro, don haka ita giram 9 take buƙata, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi biyu da ɗan ƙari na sikari a narke cikin ruwa kaɗan, ko ƙwayoyin gulukos gwargwadon abin da aka rubuta a jikin fakitinsu. Yaro mai kilo 50 ko fiye yana buƙatar giram 15. Ba a amfani da cakulan ko wani abu mai maiƙo a wannan lokaci, saboda mai yana jinkirta shigar sikari cikin jini.

Daga nan sai a jira minti 15 cur a sake gwadawa. Jiran nan yana da wuya, domin yarinyar za ta ci gaba da jin yunwa da rawar jiki ko bayan sikarin ya fara hawa, kuma mai tausayi zai so ya ƙara mata, sai a wayi gari kafin abincin rana ta kai 260. Idan gwaji na biyu bai kai 70 ba, a maimaita giram 9 ɗin. Idan ya nuna 84, tunda saura fiye da awa ɗaya a ci abincin rana, a ba ta ɗan abu mai sitaci, kamar yankan burodi, don ya riƙe ta. Kada a ɗora mata jarrabawa nan take, domin ƙwaƙwalwa takan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ta dawo daidai. Da azahar za ta yi allurar abincin rana kamar yadda aka tsara, domin saukar da aka riga aka magance ba dalili ba ne na tsallake insulin. A kuma sanar da iyaye, saboda motsa jiki mai ƙarfi yana iya sake sauke sikari sa'o'i da yawa bayansa, har cikin dare, don haka a irin wannan rana yana da kyau a ƙara gwaji ɗaya wajen ƙarfe biyu ko uku na dare.

Idan har yaro ya suma, ko yana farfaɗiya, ko ba ya iya haɗiya, ba a sa masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, wanda aka koya wa ya yi masa allurar gulukagon mai ɗaga sikarin jini idan akwai, rabin miligiram ga wanda bai kai kilo 25 ba da miligiram ɗaya ga wanda ya wuce, a nemi taimakon gaggawa, sannan a kira iyaye.

Yanzu a juya misalin. A ce ranar Alhamis kafin abincin rana yarinyar ta nuna 290. Abu na farko shi ne wanke hannu da maimaita gwaji. Idan lambar ta tabbata amma tana cikin walwala, a ba ta ruwa, a bar ta ta zaga banɗaki duk lokacin da ta nema, a yi mata insulin na gyara daidai da abin da likita ya rubuta, sannan a sake gwadawa bayan awa biyu. Ba a ƙara wani insulin na gyara kafin awa biyu zuwa uku su wuce, saboda na farko bai gama aiki ba. Tunda lambar ta haura 250, a duba kiton a jini ko a fitsari. Kiton yana taruwa ne idan insulin ya yi ƙaranci har jiki ya koma ƙona kitse. A gwajin jini, ƙasa da 0.6 mmol/L babu damuwa, daga 0.6 zuwa 1.5 a kira iyaye kuma ba za ta yi motsa jiki ba, sama da 1.5 ana buƙatar maganar likita ba tare da jinkiri ba. Idan hawan sikarin ya haɗu da amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi da sauri, ko barci mai nauyi, asibiti za a nufa kai tsaye ko da ba a samu abin gwada kiton ba. Mai amfani da famfon insulin kuwa, wato na'urar da ke tura insulin cikin jiki ta siririn bututu, ya fi saurin shiga wannan hali, domin idan bututun ya toshe ko ya fita babu wani insulin mai dogon aiki a jikinsa.

Mataki na biyar: a rubuta tsarin, a kuma karanta littafin

Duk abin da aka bayyana ya kamata ya shiga shafi ɗaya da likita ya duba: ma'aunin na'ura, lokutan gwaji, lambar da ke ƙasa da abin da ake ba da shi da adadinsa, lambar da ke sama da matakinta, da lambobin wayar iyaye. Aƙalla manya biyu a makarantar su san aikin, saboda ranar da ɗaya bai zo ba. Kayan gwaji da abin zaƙi su kasance tare da yaron a aji, a inuwa, nesa da taga mai rana. Yaro ɗan shekara takwas ko tara yakan iya huda yatsarsa da kansa, amma yanke shawara a kan lambar aikin babba ne, musamman da yake saukar sikari tana fara taɓa hankalin da zai yi lissafin.

A ƙarshen mako iyaye su karanta littafin daga sama zuwa ƙasa, layin kowane lokaci shi kaɗai, suna neman abin da ya maimaita kansa kwana uku ko fiye. Idan gwajin hutun safe yana sauka ƙasa da 70 a kai a kai, insulin na karin kumallo ya yi yawa ko abincin ya yi kaɗan. Idan saukar tana faɗowa ranakun motsa jiki kawai, gyaran na waɗannan ranakun ne, ta hanyar rage insulin ɗin da ya gabaci wasan ko ƙara abinci. Idan na asuba ne ke hawa kullum, insulin na dare za a duba. Da wannan littafin za a je wurin likita, shi ne zai sauya adadin, kuma zai haɗa shi da gwajin HbA1c da ake yi kusan duk wata uku, wanda ke nuna matsakaicin sikarin watanni biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga yawancin yara ana son ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin ɗari ba tare da yawan saukar sikari ba. Duk lokacin da aka shiga sabon zango kuma jadawalin darussa ya sauya, ko aka sauya nau'in insulin, sai a sake jera lokutan gwajin daga farko a kai wa makaranta sabuwar takarda.